Taswirar da Aka Rage

Malama Maimuna ta kasa zama. Sau uku tana buɗe jakarta a zauren Mai'unguwa a Miri, tana duba ko takardar na nan.

Yayanta Hammadu makiyayi ne. Alhaji Mansir ya sayi fili ya kewaye da waya, ya toshe burtalin da shanun Hammadu ke bi zuwa rafi. In ba a buɗe ba kafin shuka, sai dai Hammadu ya kwashe garkensa ya bar garin da aka haife shi.

Ita da ke koyar da tarihi a sakandare, ta samo tsohuwar taswirar safiyo ta shekarun 1960, ta sa aka yi mata fotokwafi.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "wannan layin ɗige-ɗige hanyar fatake ce ta da, ita ce ta zama burtali. Ta nan wayar Alhaji ta bi."

Alhaji Mansir ya yi dariya, ya karɓi rularta. "Malama, ni ma na taɓa boko. An rubuta ɗaya bisa dubu hamsin, wato santimita biyu kilomita ɗaya. Daga dutsen nan zuwa layinki ko ɗaya da rabi bai cika ba. Mita ɗari bakwai ke nan. Ƙofar wayata kuwa kilomita guda take daga dutsen. Takardarki ma ni take goyon baya!"

Hammadu ya sunkuyar da kai. "Ƙanwata, bar shi kawai."

Maimuna ta karɓi rularta. Ta auna, ta sake aunawa. Haka ɗin ne.

Madam Phoebe, mai safiyon da Mai'unguwa ya gayyato, ta miƙa hannu. "Ba ni in gani. Wa ya yi maki kwafi?"

"Wani mai shago a kasuwar Wunti. Babbar takardarsa ta ƙare, sai ya rage ta shiga ƙarama."

"To, shi ne. Rubutun bai canza ba, amma zanen ya tsuke." Ta ɗora rula a kan ɗan layin ma'auni da ke ƙasan taswirar. "Duba, Alhaji. Kilomita ɗaya a nan ma bai kai santimita ɗaya da rabi ba. Tsawonsa ɗaya da wanda ka auna. Hanyar na daidai ƙofar wayarka."

"Ashe bokon bai ji gishiri ba, Alhaji," in ji Mai'unguwa. Aka kwashe da dariya.

"Amma faɗinta fa?" Alhaji ya ce a fusace.

"Wannan taswira ba ta faɗi ba," in ji Phoebe. "Ta dai ce akwai hanya."

Mai'unguwa ya miƙe, ya ce a je a taka da ƙafa, dattawa su nuna faɗin, yau a cire turakun wayar da suka tare hanya.

Hammadu ya riga kowa fita. Maimuna ta bi shi da sauri, har ta manta rularta a kan tabarma.