Injin Ban-Ruwan Liba

A taron shekara na ƙungiyar manoman albasa a Aliero, ma'aji Nuraddeen ya miƙe ya karanta kasafin baɗi: kuɗin shiga, na taki, na iri, sai babur ɗin shugaba. Injin ban-ruwan da ya yi wa mutanen Liba alkawari kuwa, ko ambatonsa bai yi ba.

Saboda injin nan Mamuda, wani dattijon Liba, ya jawo 'yan garinsu cikin ƙungiyar. Jiya ma ya yi wa Nuraddeen alkawarin goyon bayan kasafin, bai nemi ganin takarda ba.

Shugaba ya ce, "Baba Mamuda, ka goyi baya?"

Mamuda ya dubi Nuraddeen, shi ko ya sunkuyar da kai.

"Na goyi baya. Ni ba ni saɓa alkawari."

Ya aje katinsa na ƙungiya bisa tebur, ya fita.