Yarinyar da ke Ɗaura Takalmi

Shekara tara Edita tana yanke rubutun mutane ba ta taɓa jin ko ɗar ba, sai ranar da mahaifinta ya shigo ofishin mujallar ya ajiye mata shafi shida a kan tebur. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutumin da in ya yi jimla uku a jere sai a tambaya ko lafiya. Wai ya rubuta wa shafin da masu karatu ke ba da labarin rayuwarsu. Ƙarfe biyu za a rufe shafin, kuma in rubutun bai yi ba, ita ce za ta dubi idon ubanta ta ce bai yi ba.

To, bai yi ba kuwa. Ya fara da shekarar haihuwarsa, ya bi da makarantun da ya yi, ya zarce tarihin layin dogo tun daga ranar da aka kafa ƙusar farko. Ita kanta da ta fito daga tsatsonsa sai da ta yi hamma.

A shafi na huɗu ta ci karo da wata 'yar jimla da ta maƙale tsakanin ƙarin girma da canjin gida: "A shekarata ta goma sha tara a aiki wani abu ya faru, na koma ofis."

"Baba, wane abu ne ya faru?"

"Wani abu dai, Uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Ai a nan rubutun yake. Daga nan za ka fara."

Ya gyara zaman tabarau. "Mutum ya faɗa gidan mutane ba sallama? Su fara sanin ko ni wane ne mana."

"Mai karatu a tsaye yake a bakin ƙofa, Baba, ƙafarsa ɗaya a waje. Ka sa shi inda ka tsaya ranar, ya ga abin da ka gani. Da kansa zai nemi sanin ko kai wane ne, sai ka gaya masa. Ba zubar da sauran za mu yi ba, baya za su koma."

Ya jawo shafukan wajensa. Ta ɗauka tattara takardunsa zai yi ya tafi. Sai ya miƙo hannu ya ce ta ba shi biro.

Minti arba'in yana rubutu a gefen teburin, bai taɓa shayin da aka kawo masa ba. Da ya gama ya turo mata, ta karanta:

"Yarinyar ta ba ni baya, ta durƙusa a tsakiyar layi tana ɗaura igiyar takalmi. Na riga na ja birki har ƙarshensa. Da tarago talatin a bayana, jirgin ba zai tsaya ba sai ya ƙara cin tafiyar da ta fi tazarar da ke tsakaninmu. Ham ɗin gargaɗi kaɗai ya rage mini, na danne shi. Jakar makarantarta ja ce, maɗaurinta ɗaya ya tsinke."

Edita ta sake karanta layin ƙarshe. Wannan mutumin da ta sani da gyaran rediyo da yin shiru, ashe abin da yake ɗauke da shi ke nan. Ta ɗago ta dube shi kamar yau aka gabatar mata da shi.

"Baba, ta tsira?"

"Ba ke kika ce mai karatu zai nema da kansa ba? Juya."

Ta juya. Yarinyar ta tsira, wata mai shara ce ta fizgo ta da jaka, jirgin ya wuce su da nisa kafin ya tsaya. Sai a nan ya faɗi shekarunsa a aiki, a layi biyu kacal, aka kuma ji nauyinsu. Washegari ya hau ya kama birki, hannu ya ƙi daina rawa, ya sauko ya nemi a mai da shi ofis. Bai gaya wa kowa dalili ba, har matarsa.

Sakin layi na ƙarshe gajere ne: "'Yata tana aji uku a lokacin. Daga ranar ni nake raka ta makaranta, ina duba mata igiyar takalmi a bakin ƙofa. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta ce ƙawayenta na yi mata dariya. Har ta gama makarantar ban daina ba, ban kuma ba ta haƙuri ba."

Jan biron gyara na hannunta, ta rasa inda za ta ɗora shi. Ta tuna irin maganganun da ta yaɓa masa a kan hanyar nan, kunya ta rufe ta, ga wani irin kwarjini da bai taɓa yi mata ba.

Mai tsara shafuka ya leƙo ya ce saura minti goma, wane rubutu za a sa?

"Wannan," in ji ta. "Kar a taɓa ko waƙafi."

Tsohon ya jawo shayinsa da ya huce ya kurɓa. "Tarihin layin dogon fa?"

"Baba," ta ce, "ka yafe mini."