Sarƙa Biyu a Bidiyo Ɗaya

Tun da Alhaji Ilu ya daina fita kasuwa saboda ciwon ƙafa, shagon gwal ɗinsa da ke Jakara, a bakin kasuwar Kurmi, ya koma hannun ɗansa Gali. Ya gaji sikeli da dutsen gwaji da masu saye, ya kuma gaji tambayoyinsu. A zamanin uban, mace kan aiko da tambaya ɗaya a mako. Yanzu kuwa wayar Gali ba ta hutawa, kuma tambayoyin ba sa canzawa: gwal yana yin baƙi? Maganaɗisu yana gane na jabu? In ɗankunne ya ɓata ɗaya, kuna sayen ɗayan?

Ƙanwarsa Khadijat, wadda ke koyarwa a wata firamare a Ƙofar Mazugal, ita ta ga yana maimaita amsa guda ga mata huɗu kafin ya gama cin tuwo.

"Yaya, kai ka zama rediyo," in ji ta. "Ka faɗa sau ɗaya a bidiyo, duk wadda ta tambaya ka tura mata."

Ta karɓi wayar ta bi saƙonnin watanni, ta haɗa masu kama da juna, ta ware waɗanda suka fi yawan dawowa. Sannan ta kafa masa dokoki. Tambaya ɗaya, bidiyo ɗaya. Kada ya wuce rabin minti. A rubuta tambayar a saman hoton, don mai kallo ya san abin da ya tsaya a kai tun kafin a buɗe baki. Waya a tsaye, a bakin ƙofa inda haske yake. Ba faɗin kuɗin giram, tunda gwal kullum da farashinsa yake kwana.

Gaisuwa ce ta fi ba su wahala. A gwajin farko Gali ya yi sallama, ya gaida iyaye mata, ya tambayi gajiya da iyali, lokaci ya ƙare bai taɓa gwal ba.

"Sallama kawai, sai amsa," in ji Khadijat. "Wadda ke son jin ya gida ta zo shago."

Dokar da ta fi nanatawa ita ce ta sirri. Ba suna, ba muryar kowa, ba hoton saƙo. Gali bai yi musu ba. Ya taso yana jin uban yana cewa mace ba ta fito da gwal ɗinta sai rana ta ɓaci, don haka rabin wannan sana'a rufin asiri ne.

Sukan ɗauki da yawa a yini guda, su riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Abin ya karɓu. Saƙonni suka ragu, masu zuwa shago suka ƙaru, wasu ma da amsar a bakinsu suke shigowa.

Akwai tambayar da Gali ya ga ta cancanci bidiyonta: in an kwaikwayi sarƙar gwal da tagulla aka yi mata ruwan gwal, ido zai gane? Ranar Khadijat tana makaranta, shi kuma yana da abin nuni a hannu wanda ba kullum ake samu ba. Wani mutum mai suna Salihu, daga unguwar Shahuci, ya kawo tsohuwar sarƙa aikin hannu ya sayar, ya ce mahaifiyarsa ce ta aiko shi, kuma tana so a ƙera mata irinta sak da tagulla don kada a lura. Maƙeri ya gama aikin. Gali ya shimfiɗa sarƙoƙin biyu a kan baƙin ƙyalle, ya kafa waya.

"Salamu alaikum. Ido ba ya ganewa. Ga biyu nan, ku zaɓa." Ya goga kowacce a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji. Zanen ɗaya ya tsaya, na ɗayar ya narke ya ɓace. "Dutse ne ke ganewa."

Ba suna, ba murya, ba fuskar kowa. Salihu ya karɓi ta tagullar. Ta gwal ɗin ta bi sauran tsofaffin kaya zuwa wurin narkarwa. Bayan makonni, da layi ya zo kan bidiyon, Gali ya sake shi.

Kafin azahar ya fi duk na baya masu kallo. Gali yana cikin murna Khadijat ta kira.

"Yaya, me ka sa? Ka karanta abin da ake rubutawa a ƙasa?"

"Ban duba ba. Lafiya?"

"Sarƙar gidan Hajiya 'Yardada ce! Mai ganye uku da jan dutse a tsakiya. Babu amaryar da aka yi a zuriyarsu da ba ta saka ta ranar kamu ba. Har aronta ake zuwa yi. Ni kaina na gan ta a wuyan jikarta Muhsina."

"To ai ban faɗi suna ba."

"Innalillahi. Sarƙar ita ce sunan!"

Gali ya tsaya riƙe da waya. Shi a wurinsa sarƙa nauyi ce da inganci. Bai taɓa shiga wurin kamu ba, balle ya san cewa matan cikin gari sun san gwal ɗin juna kamar yadda maza suka san motocin juna. Ya buɗe sharhin. Wata ta rubuta, "Wannan ba ta Shahuci ba ce?" Wata ta amsa, "Ita ce, har tsagin dutsen." Ta uku ta ce, "Ashe an sayar. Allah ya rufa asiri."

Ya goge bidiyon nan take. Bai tsinana komai ba, domin an riga an sauke shi, yana yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwa da na 'yan biki. Ba a jima ba matarsa ta turo masa shi, tana tambaya ko ya gani.

Bayan la'asar Adaidaita ta tsaya a bakin layi. Wata dattijuwa ta sauko a hankali, doguwa, da farin mayafi da gilashi, ta nufo shagon ita kaɗai. Gali ya miƙe ya russuna.

"Kai ne ɗan Ilu?"

"Ni ne, Hajiya. Sannu da zuwa."

"Ni ce 'Yardada. Ubanka ya san ni. Shi ya gyara mini maƙullin sarƙata shekarar da na aurar da 'yata ta fari."

Ya jawo mata kujera, yana harhaɗa kalmomin ban haƙuri. Bai sami damar faɗarsu ba.

"Jikokina sun nuna mini wani hoto naka," in ji ta. "Tun safe ake kirana ana yi mini jaje, kamar an yi mutuwa. To na zo ka gaya mini wace marar kunya ce ta sa aka kwaikwayi sarƙata. Har biyu! Ni tawa tana cikin adakata, ga ta."

Ta kwance bakin ɗankwali a kan gilashin kanta. Sarƙar ta zubo, ganye uku da jan dutse.

Gali ya san aikin maƙerinsa ko cikin duhu.

"Hajiya," ya ce, "ba ke kika aiko da ita ba?"

"Na aiko da ita ina?"

Ta turo sarƙar gabansa.

"Gwada ta," in ji ta. "Yadda ka yi a hoton. Sai in koma in rufe musu baki."

"Hajiya, da kin bari Baba ya..."

"Ilu yana kwance. Kai ne ka ce dutse ke ganewa. Duk Kano ta ji ka. Gwada."

Ya ɗauko dutsen. Ya goga bayan ganye ɗaya, a hankali, yadda ba zai wuce ruwan gwal ɗin sama ba. Ta lura.

"Danna hannunka. Ni ba yau na fara ganin gwaji ba."

Ya danna. Ya ɗiga ruwan. Su biyun suka sunkuya a kan dutsen, suna kallo zanen ya yi kumfa kaɗan, ya ɓace.

Hajiya 'Yardada ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta cire gilashi, ta goge shi da bakin mayafi, ta mayar, ta sake duban dutsen.

"Ina tawa?"

"An narkar, Hajiya. Tun kwanaki."

"An narkar." Ta maimaita kamar tana karanta allon shago. "Kakata ta saka ta. An narkar."

A waje wani mai baro yana ta neman hanya. Gali ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Wa ya kawo?"

Nan ya tsaya. Ya riga ya tona asiri ɗaya bai sani ba. Wannan kuwa da saninsa zai yi. In ya faɗa, babu wanda zai ƙara shigo masa da gwal a ɓoye. In ya ƙi, ga mai kaya a gabansa, kuma shi ne ya saya ba tare da ya nemi jin muryarta ko a waya ba.

"Hajiya, ki gafarce ni. A shagon nan ba ma faɗin sunan wanda ya kawo kaya."

"Ba kwa faɗin suna," in ji ta. "Sai dai ku nuna wa duniya kayan."



"Mutum uku ne suka san inda makullin adakata yake," ta ci gaba, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ɗaya tana Madina. Ɗaya ni ce."

Wayarsa, wadda ke kwance a kan gilashin tsakaninsu, ta yi haske ta fara ruri. Gali yakan ajiye sunan mai ciniki da unguwarsa da kayan da ya kawo, don kada ya rikice. Harufan manya ne: Salihu Shahuci Sarƙa. Ya kai hannu zai kife ta, amma ta riga ta karanta.

Wayar ta katse. Ta sake ɗaukar ruri.

"Ɗauka mana," in ji Hajiya 'Yardada. "Sa ta yadda zan ji."

"Hajiya..."

"Ɗauka, ɗan Ilu."

Ya danna. Muryar ta cika shagon.

"Malam Gali, ka kashe ni! Don girman Allah, in Hajiyarmu ta zo, ka ce mata ta hannunta ita ce ta gwal ɗin. Ka ji? Ka ce wata ce ta ga hoto ta sa aka yi. Ni zan san yadda zan yi kafin bikin 'yata Asma'u. Malam Gali? Kana ji na?"

Dattijuwar ta tattara sarƙar tagullar, ta ƙulle ta a bakin ɗankwali kamar yadda ta zo da ita. Sannan ta sunkuyo kusa da wayar.

"Yana jin ka, Salihu," ta ce. "Ka same ni a gida."