Dubu Ɗari Bakwai

Ranar Talata, ana tsakar cin kasuwar Mafara, Hashimu ya shigo shagon Bushra, ɗiyar ƙanensa, da waya a hannu. Shi ne shugaban ƙungiyar manoman shinkafa na Faru, ita kuwa ta yi karatun akanta.

Ɓarayin daji sun aza ma manoman harajin miliyan ɗaya kafin Juma'a, in ba haka ba kada kowa ya sa lauje a gona. Hashimu ya riga ya aika masu da amincewa, domin ma'ajin ƙungiya, Ɗantani, ya turo hoton takardar shige da ficen kuɗi ta shekara daga Bakura, layin ƙarshe kuma ya ce miliyan ɗaya da dubu ɗari.

Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Duba mani, ɗiyata. Ni ƙasan takarda kaɗai nike karantawa, nan gaskiya ke kwana."

"Baba, wani lokaci nan ƙarya ke kwana."

Ta buɗa hoton da yatsu biyu. An ɗauke shi a karkace, babban yatsan Ɗantani ya fito a gefe. Ta jawo kalkuleta.

"Kun buɗe shekara da dubu ɗari huɗu da ashirin. Aikin casa da sayar da shinkafa, bayan an cire kashewa, ya kawo miliyan ɗaya da dubu ɗari da talatin. Injin ban-ruwa, ɗari shida da hamsin. Biyan bashi, ɗari biyu. Ka ga waɗannan biyu cikin baka suke? Duk abin da ke cikin baka fita ya yi."

"To, mi ya rage?"

Ta sake bugawa. "Dubu ɗari bakwai."

"Takarda ta ce miliyan da ɗari!"

"Tazarar ɗari huɗu ce, ninkin bashin daidai. Wurin da za a cire shi, sai aka tara."

Hashimu ya kira Ɗantani, sau uku kafin layi ya shiga. "Kai, ɗan malam! Nawa ke asusu yanzun nan? Ba takarda nike tambaya ba."

Ɗantani ya ce, "Alhaji, saƙon banki ya ce ɗari bakwai. Na ɗauka banki ne bai gama shigarwa ba."

Ba sata ba ce. Da sata ce ma, akwai wanda za a kama a matse.

"Ba inda ɗari ukun za su fito cikin takardar nan?" in ji Hashimu.

"Sai dai ku sayar da injin, Baba."

"Injin na can Faru, ɓarayi sun tare hanya. Wa zai shiga ya ɗauko?"

Ya sake buɗa hoton. Ya daɗe yana kallon layin ƙarshe.

"Da ɗari bakwai na faɗa masu tun farko, wataƙila su karɓa. Yanzu za su ce na ɓoye."

Ya sa wayar aljihu. A bakin shago wani mai babur ya tambaye shi ko Maradun za shi, hanyar Faru. Ya ce a'a. Sannan ya ce i, tunda shi ya yi alkawarin, shi zai kai ma ɓarayin abin da ke akwai.