Tumbuɗi a Rigar Juma'a

Malam Wada ya karɓi jikarsa Khairat daga gama shan nono, yana cilla ta sama yana kiranta amarya. Ita kuwa ta yi masa tumbuɗi a sabuwar shadda.

"Yarinyar ga ba lafiya," in ji shi. "Za ni kai ta asibitin garin Isa."

Malamar asibiti ta auna ta, nauyi ya ƙaru. Ta tambayi uwar, "Larai, aman feshi yake? Kore ne, ko da jini? Tana ƙin nono?"

"Ko ɗaya, sai kukan marece."

"Da a ce akwai ɗaya daga ciki, da sai likita. In ta ƙoshi, a saɓa ta a kafaɗa, a bubbuga bayanta ta yi gyatsa. Baba, rigarka ce majinyaciyar, maganinta sabulu."