Sharaɗin Malam Dalhatu

Duk tashar motar Dutsin-Ma babu wanda ya kai Malam Dalhatu direba tsanar mashaya, kuma babu wanda ya kai shi son a san haka. Da gaske yake, bai taɓa taka inda ake sayar da giya ba. Abin da yake kurɓa kullum da safe maganin basir ne mai ɗaci, a 'yar kwalba mai hoton saiwa, wanda wani mai tallar magani ke kawowa tasha. Da ya sha sai jiki ya yi ɗumi, hanyar Kurfi ta zame masa tsakar gida.

Satin nan Alhaji Sodangi, mai sayar da hatsi, ya sayo sabuwar bas, ya rasa wanda zai ba tsakanin Dalhatu da Labaran. Dalhatu na son bas ɗin nan har cikin ransa, don akwalar da yake ja ta gaji. Ko watan jiya ta sa ya buge ragon mutane a Rawayau. Ya rantse birki ne, bakanike ya duba sau biyu ya ce lafiyar birki lau. Shi kuwa Labaran, ana raɗe-raɗin an taɓa ganinsa bayan bariki, inda ake sayar da giya, kuma kowa ya san bakin da raɗe-raɗin ya fito.

Ran nan sai ga jami'an kiyaye haɗurra sun zo tasha wayar da kai. Dalhatu ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama, ya aika aka kira Alhaji.

Shugabarsu, wata ofisa mai suna Surayya, ta ɗaga na'urar gwajin numfashi ta yi bayani. Giya in ta shiga ciki jini take bi, daga jini ta biyo numfashi, saboda haka goro ko asuwaki ba sa ɓoye ta. Ta ce iyakar doka sifili da ɗigo sifili biyar ce.

Dalhatu ya miƙe ya gyara hula. "Ranki ya daɗe, wannan iyaka ta Nasara ce. Mu nan ko ɗis ba mu yarda ba. Alhaji, duk wanda abin nan ya nuna mashi wani abu ban da sifili, kada ka ba shi makulli."

"Na yarda da sharaɗinka, Malam," in ji Alhaji.

Labaran ne ya fara busa na'urar. Sifili. Dalhatu ya ji haushi, amma ya daure. Ya karɓi sabon bututu, ya yi bisimilla da ƙarfi don na baya su ji, ya busa har ta ce ya isa.

Surayya ta dubi na'urar, ta dube shi. "Sifili da ɗigo sifili uku. Malam, me ka sha?"

"Ni? Koko da ƙosai!"

Ta ce wani lokaci abin da ya rage a baki kan ruɗi na'ura, don haka a jira kaɗan a sake. Aka jira, har masu lodi suka bar lodi. Aka sake, lambar ba ta motsa ba.

"Sai dai maganina," ya ce a hankali, ya zaro kwalbar daga aljihu. Ta buɗe ta shinshina, ta kau da kai.

"Saiwar da ke ciki a barasa aka jiƙa ta, Malam. Ta fi giyar kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba."

Salati ya tashi ta ko'ina. Dalhatu ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Wallahi ban taɓa yin maye ba!"

"Ba sai ka yi maye ba," in ji ta. "Ɗan kaɗan ɗin nan ya isa ya sa ƙafa ta makara zuwa birki, ya kuma sa ka ji ka fi kullum iya tuƙi. Kafin ƙafar ta iso, mota ta ci tsawon bas biyu."

Can baya bakanike ya yi tari, irin tarin da ba na mura ba.

"Amma a doka ba ka haye iyaka ba," ta ƙara. "Ba zan kama ka ba."

Dalhatu ya cafke maganar da hannu biyu. "Alhaji, ka ji ko? Hukuma da kanta ta ce ban haye iyaka ba!"

Alhaji Sodangi ya daɗe yana juya makullin a hannu, don shi ma Dalhatu ya so ya ba.

"Wace iyakar, Malam? Ta Nasara?"

Ya miƙa wa Labaran makullin.