Man Da Yaya Ya Ɓoye

Kwana biyu ke nan babu wuta a layin, ga rigunan 'yan makaranta arba'in jibge a kan tebur suna jiran a yi musu tambari. Mai ɗinki ta jawo janareto ƙofar shago, ta rufe cok, ɗan makunnin da ke tare wa injin iska, ta ja igiya. Ya tashi fes. Tana buɗe cok ɗin ya yi tari biyu ya mutu. Sau huɗu tana yi, sau huɗu yana mutuwa.

Tana cikin haka sai ga yayan mijinta, wanda 'yan layi ke kira Injiniya saboda ya taɓa gadin wani kamfanin injuna na wata tara. Bai ko amsa gaisuwarta ba ya naɗe hannun riga, ya ce ta matsa, wannan ba keken ɗinki ba ne. Ta matsa. Ta san shi sarai, shi ne ya gyara musu fanka ta koma juyawa baya.

Ya ce filogi ne. Ya tura ta ta sayo sabo, ya ɗaura, ya ja igiya. Janareto ya tashi, ya mutu. Ya ce ai jabu aka ba ta, mata ba su iya sayen kayan ƙarfe ba. Ya je da kansa ya sayo wani, aka maimaita. Daga nan ya koma zagin masu ƙera injin, ya ce sai dai a bar cok a rufe a yi aiki haka. Injin ya riƙa kakari yana fitar da baƙin hayaƙi, har mai shagon kusa ta leƙo tana toshe hanci, sannan ya sake mutuwa.

Mai ɗinki ta bar shi nan. Ta ja mayafi ta tsallaka titi wurin tsohon bakaniken da ke gyaran babura.

Tsohon ya zo da sifana da wata kwalba fara. Ya ɗauki tsohon filogin da Injiniya ya jefar a ƙasa, ya goge shi, ya haɗa shi da wayar injin, ya jingina shi da ƙarfen injin, ya ce ta ja igiya. Wuta shuɗiya ta yi tsalle a bakinsa. Ya ce wannan lafiyarsa ƙalau, injin da ke tashi da cok ya mutu in an buɗe, yawanci mai ne ba ya isarsa. Injiniya ya ce shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan.

Bakanike ya tara kwalbar a ƙarƙashin kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, ya sassauta 'yar ƙusar da ke gindinta. Abin da ya zubo ja ne kamar shayi, yana warin tsohon fenti. Da ya lafa sai ga ruwa ya kwanta a ƙasan kwalbar.

"'Yata, a ina kika sayi wannan man?"

Ta dubi ƙasa, ta ce ba saya ta yi ba, Yaya ne ya kawo mata jarka guda shekaranjiya, kyauta.

Nan tsohon ya tambayi Injiniya tun yaushe man yake hannunsa. Ya fara kame-kame, a ƙarshe dai ta fito: wata bakwai jarkar na bayan ɗakinsa, da fasasshen murfi, yana jiran mai ya yi tsada ya sayar. Da ya ga launin ya sauya, mai babur ɗaya ya shinshina ya ƙi saye, shi ne ya tuna yana da ƙanwa mai janareto.

Tsohon bai ɗaga kai ba. Ya rufe famfon mai, ya kwance kwanon kafireta, ya ciro wata 'yar ƙusa mai rami a tsakiya, ya ɗaga ta sama ya nuna mata. Haske ba ya ratsawa. Ya ce fetur in ya tsufa danƙo yake yi, ta wannan ramin mai ke hawa cikin inji, shi ya toshe. Ya zura siririn zaren waya a hankali, ya wanke da sabon mai, ya hura. Sannan ya tsiyaye tankin kaf, aka zuba sabon fetur, ya mayar da tsohon filogin. Ja ɗaya injin ya tashi, aka buɗe cok, ya zauna daram. Ya ce duk ran da za ta ajiye shi ya daɗe, ta rufe famfon mai ta bar shi ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa.

Injiniya ya tsaya yana gyaɗa kai kamar mai duba aikin yaransa. Da zai tafi har ya tambaya ko za a ba shi filogi ɗaya cikin sababbin, tunda sun yi yawa. Ta ba shi duka biyun, ta haɗa masa da jarkarsa.

"Ga sauran man, Yaya. Ko zai yi tsada."

Ya karɓa kuwa. Da yamma mijinta ya dawo yana cewa ya haɗu da Yaya a hanya, ya gaya masa yadda ya wuni a shagon yana koya wa wani tsoho gyaran kafireta. Ya ce ya kamata gobe ta kira shi ta yi godiya. Tana kan riga ta talatin da ɗaya, ta ciji zare ta ce to.